Yadda Ake Duba Cibiyar Jariri: Ja, Ruwa da Kumburi, Wanne Za a Jira, Wanne Za a Ruga Asibiti

Da an ce a duba cibiyar jariri, idon uwa kan wannan ɗan baƙin guntun yake sauka: ya bushe ko bai bushe ba, yaushe zai faɗi, me ya sa na maƙwabciya ya faɗi ran kwana biyar nata har an yi suna yana nan. Amma guntun nan mataccen nama ne, ba shi da jijiyar jin zafi, dole ya yi baƙi, ya yanƙwane, har ya ɗan yi ƙarni kafin ya rabu da jiki. Inda labarin gaskiya yake shi ne fatar cikin da ke kewaye da gindinsa, da kuma halin da jaririn kansa yake ciki. Idan kin iya duba waɗannan biyun, kika kuma iya taɓa kumburi kika gane mai laushi ne ko mai tauri, kin san mafi yawan abin da ake bukata.

Dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ba sa wasa da cibiya yana cikin halittarta. Jijiyoyin jini uku ne a cikinta, kuma babbar cikinsu hanta ta nufa kai tsaye. Bayan an yanke, bakunansu ba sa gama liƙewa nan take. Ƙwayar cutar da ta samu wurin zama a gindin cibiya tana da gajeriyar hanya zuwa jini, ga shi jaririn kwana biyar bai da ƙarfin tare ta. Shi ya sa abin da aka gani ɗan ja da safe zai iya zama babbar matsala kafin asubar gobe.

Abin da yake daidai

A ranar haihuwa cibiya fara-fara ce, mai laushi da danshi. Bayan kwana biyu ko uku ta fara bushewa daga sama, ta koma ruwan ƙasa, sannan baƙa. Yawanci tana faɗuwa tsakanin kwana 5 zuwa 15, wasu har mako uku. Ana gab da faɗuwa, gindinta kan yi ɗan danshi mai yauƙi, fari-fari ko rawaya-rawaya, kuma za ki iya ganin ɗigon jini ɗaya ko biyu a riga ko a bakin famfas. Duk wannan ba ciwo ba ne, muddin fatar cikin da ke zagaye tana nan kalarta ɗaya da sauran cikin, babu kumburi, jaririn kuma yana kama nono da ƙarfinsa.

A Legas bushewar kan ɗan yi jinkiri. Iskar nan mai danshi ce ko ba damina, ga zafin ɗaki idan an ɗauke wuta, ga al'adarmu ta naɗe jariri da riga biyu, hula da tawul mai kauri. Cibiyar da ta wuni cikin gumi a ƙarƙashin famfas ba za ta bushe da wuri ba. Maganin wannan shi ne iska: a naɗe bakin famfas ƙasa da cibiya, a sa riga mai sauƙi wadda ba ta matse ciki, kada a ɗaure cikin da bandeji ko tsumma. Idan fitsari ko kashi ya taɓa wurin, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan sabulu, a tsane da tsabtataccen ƙyalle. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, in ba a tafasa ba, kada ya kusanci cibiya.

Abu ɗaya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince a shafa shi ne man kulohekzidin na cibiya, wanda za ki ga an rubuta 7.1% ko 4% a jikin bututunsa. Ana farawa tun ranar haihuwa, sau ɗaya a rana, a shafa a kan guntun da gindinsa da hannu wankakke, har kwana bakwai ko yadda aka gaya miki a asibiti. Yana iya ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin cibiya ta faɗi, wannan ba laifi ba ne. Ki ajiye shi nesa da maganin ido, domin idan ya shiga idon jariri yana iya makantar da shi. Kuma riga-kafi ne kawai. Cibiyar da ta riga ta kamu, ƙara shafa shi ba zai warkar da ita ba.

Yadda za ki duba, mataki-mataki

Ki zaɓi lokaci biyu a rana, bayan wankan safe da kuma yamma kafin rana ta faɗi. Ki fara da wanke hannu da sabulu, ke da duk wanda zai taɓa wurin, har da kaka ko ungozomar da ke yi masa wanka.

Mataki na farko shi ne haske. Ki kai shi bakin taga ko bakin ƙofa. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, saboda ja ba ya fitowa sarai a baƙar fata. Yaranmu kan zo da hasken fata, amma suna duhu cikin kwanaki, kuma a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya ko fitilar caji ba za ki ga komai ba. Maimakon ja, abin da za ki gani wataƙila duhu ne, ko launin jan-baƙi, ko fatar ta yi sheƙi kamar an ja ta. Ki gwada ta da fatar gefen haƙarƙari: kala ɗaya ce ko ta bambanta?

Na biyu, ki ɗaga guntun a hankali ki leƙa ƙarƙashinsa, ta sama da ta ƙasa. Ba zai ji zafi ba. Da yawa mata suna tsoron taɓawa, sai mugunya ta taru a lungun ƙasa ba wanda ya sani. Ki goge da tsabtatacciyar auduga ki duba abin da ya fito. Ɗan yauƙin da aka goge ya tafi, wurin ya zauna a bushe na sa'o'i, na rabuwar cibiya ne. Mai kauri, rawaya ko kore-kore, wanda kika goge ya sake taruwa, mugunya ce. Ki kuma sunsuna. Ƙarnin bushewar nama daban, ɗoyin ruɓa da ke tarar ki tun kafin ki buɗe riga daban.

Na uku, hannu. Ki ɗora bayan yatsunki a fatar da ke kusa da cibiya, sannan a gefen ciki, ki ji ko akwai bambancin zafi. Ki ɗan danna da kan yatsa. Fatar cikin jariri mai lafiya laushi gare ta ko'ina. Idan kewayen cibiya ya yi tauri, ko ya tashi, ko jaririn ya tsala ihu daidai lokacin da kika danna wurin amma bai yi ba da kika danna wani gefen, ciwon ya shiga fata.

Na huɗu, awo. Idan akwai ja ko duhu, ki auna daga gindin cibiya zuwa inda ya tsaya. Iyakar da littattafan kula da jarirai na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ita ce santimita ɗaya, kusan faɗin farcen ƙaramin yatsan babba. Tef ɗin tela ya isa wannan aikin. Abin da bai kai santimita ɗaya ba ana ɗaukarsa ciwon da ya tsaya a wurin, wanda ya wuce kuma ana ɗaukarsa mai tsanani. Ki ɗauki hoto da waya a hasken rana, ki ɗiga ƙananan alamu da biro a kan lafiyayyar fata daidai inda jan ya ƙare. Ido yana mantuwa, amma alamar biro za ta nuna miki ko abin yana tafiya.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, ki bar cibiya ki dubi ɗan. Yana kama nono kamar jiya, ko yana tsotsa biyu ya saki? Yana farkawa da kansa ya nemi abinci, ko sai an taɓa shi yake motsi? Ki sa ma'aunin zafi a hammatarsa. Digiri 37.5 ko sama zazzaɓi ne. Ƙasa da 35.5 kuma sanyin jiki ne mai haɗari, kuma nan ake yawan yin kuskure, domin jaririn da cuta ta shiga jininsa sau da yawa jikinsa sanyi yake yi maimakon zafi, sai a ce ai babu zazzaɓi, lafiya lau. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Idan ya kai 60 ko fiye, ki sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, alamar haɗari ce. Haka nan idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa sosai lokacin jan numfashi, ko yana jijjiga, ko cikinsa ya kumbura, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya.

Daga waɗannan matakai hukunci uku ne ke fita. Fata lafiya, ɗa lafiya: a ci gaba da tsabta. Ja kaɗan ko mugunya, ɗa lafiya: a kai shi cibiyar lafiya yau, ba gobe ba. Jan da ya wuce santimita ɗaya, ko tauri da kumburi, ko ɗaya kacal daga alamun haɗari na jiki: babban asibiti yanzu, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Mu bi misali ɗaya har ƙarshe

A ce jaririya ce mai kwana shida a Agege, an haife ta a gida, gobe suna. Tun kwana na biyu gwaggon maijego take gasa mata cibiya da tsumman da ake ɗorawa a kan murfin tukunya, sannan ta shafa man zafi don ta faɗi kafin taro. Da safe uwar ta kai ta bakin ƙofa, ta ga gindin cibiya ya yi duhu zagaye, ta goge ta ga mugunya kaɗan. Ta auna, jan bai kai santimita ɗaya ba, kamar rabinsa da ɗan ɗori. Fatar ba ta yi tauri ba. Zafin jiki 37.1, numfashi 48, nono kuma tana kamawa sosai.

Wannan rukuni na biyu ne. Abin yi shi ne a dakatar da gashi da man zafi, a wanke wurin da tafasasshen ruwa, kada a shafa komai, a tafi cibiyar lafiya ta unguwa da safen nan. Na ce kada a shafa komai ne saboda shuɗin maganin nan da ake kira jibi, idan aka zuba kafin a je, yana rufe launin fata, ma'aikaciya ba za ta ga iyakar jan ba. A can za a sake duba ta, a auna nauyinta, yawanci a ba da amokzisilin na sha na kwana biyar gwargwadon nauyin, a nuna yadda za a riƙa wanke wurin sau biyu a rana, a ce a dawo bayan kwana biyu. Nauyi ne ke yanke yawan maganin, shi ya sa sayen sirof a kyamis a riƙa ɗura mata da ƙiyasi ba daidai ba ne, haka ma fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan cibiya.

To, a ce da la'asar uwar ta sake dubawa. Jan ya tsallake alamun biro, yanzu ya kai santimita biyu ta ɓangaren sama. Fatar ta yi sheƙi da tauri. Yarinyar ta yi barci tun azahar ba ta nemi nono ba, da aka sa mata ta tsotsa kaɗan ta saki. Ma'auni ya nuna 35.3. A irin wannan lokaci gida cike yake da baƙi, ana ta girki, kuma za a samu wadda za ta ce, "Haba, ki bari a yi suna gobe, jibi sai a koma. Ai sun ba da magani." Amsar da ta dace ita ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, sun ce in ta ƙi nono ko jan ya ƙaru kada mu kwana da ita a gida." Raɗa suna ba ya bukatar jaririya tana cikin ɗaki. Maigida ya kamata ya tsaya a kan wannan magana, don kada a bar maijego ita kaɗai tana ja da manya.

Inda za a nufa shi ne asibitin da ke kwantar da jarirai, ba kyamis ba, ba ƙaramin wurin da ba su da ɗakin jarirai ba. Daga Agege akwai Babban Asibitin Orile Agege, akwai kuma asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Na Idi-Araba da Mushin ga asibitin koyarwa na LUTH a kusa. Na Obalende da cikin Eko akwai asibitin yara na Massey. Mutanen Mile 12 da Ketu kuma Babban Asibitin Gbagada na kan hanyarsu. Lambar gaggawa ta jihar Legas ita ce 112 ko 767. Tun ana da ciki ya kamata maigida ya san wanne ne ya fi kusa da gida, da wanda zai kira ya kai su da dare, domin cunkoson garin nan yana cinye sa'o'in da jaririn ba shi da su. A hanya uwa ta sa ta a ƙirji fata da fata, a lulluɓe su tare, a ci gaba da gwada ba ta nono. A tafi da katin haihuwa ko na awo, da maganin da aka ba da da safe, da hotunan waya. Kuma a faɗi gaskiyar abin da aka shafa, domin hakan na taimaka wa likita, musamman wajen tunanin tetanos, cutar sarƙe haƙora.

A asibiti za a kwantar da ita, a ɗebi jini don gwaji, a sa mata ƙaramar allurar jijiya a fara ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa kulokzasilin tare da jentamaisin, na kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma, ko fiye idan abin ya yi nisa. Ranar uku za ki ga ta warware, tana shan nono, kuɗi kuma suna ta tafiya, zuciya ta fara cewa a nemi sallama. A daure a kammala kwanakin. Abin da ake gudu shi ne cutar ta bi jijiyar nan zuwa hanta, ko ta cinye naman bangon ciki, wanda alamarsa ita ce fatar ta koma baƙa-baƙa ko shuɗiya, tana faɗaɗa cikin sa'o'i.

Gashin cibiya da abubuwan da ake shafawa

Na san masu gasa cibiya ba mugunta suke nufi ba, haka aka yi musu, haka suka yi wa 'ya'yansu, kuma suna tsoron ciwon ciki ko ƙaton cibi idan ba a gasa ba. Amma fatar jariri siririya ce, zafin da hannun babba zai jure yana ƙona ta. Ƙunar tana yin ja da ƙuraje masu ruwa, ta buɗe wa cuta sabuwar ƙofa, ta kuma rikita mai dubawa. Tsumman da ake amfani da shi kullum ba a wanke ba yana ɗauke da nasa dattin. Man goge baki, man zafi, hoda, toka, bagaruwa, baƙin mai, duk suna riƙe datti ko su ƙona wurin. Toka, ƙasa da kashin dabbobi sun fi muni saboda ƙwayar tetanos, cutar sarƙe haƙora. Yadda take zuwa sananne ne: jariri ya sha nono lafiya kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana 3 zuwa 14 ya kasa buɗe baki, jiki ya sandare, yana zabura idan aka taɓa shi ko aka yi ƙara. Cibiyar ma tana iya zama a bushe babu ja. Wannan na gaggawa ne, kuma allurar riga-kafin da ake yi wa mai ciki a wurin awo ita ce kariyarsa.

Jini kuma, ɗigo kaɗan ba komai. Amma idan yana tsattsafowa, kin danna da tsabtatacciyar auduga minti goma bai tsaya ba, ko ya tsaya ya dawo, a tafi asibiti hannu na kan wurin. Ɗaurin na iya kwancewa, ko kuma jinin ne ba ya daskarewa saboda ƙarancin bitamin K, wanda ake yi wa allura ɗaya ran haihuwa. Waɗanda aka haifa a gida sukan rasa ta. Jaririn da cibiyarsa ke zubar jini kada wanzami ya taɓa shi da aska har sai likita ya gani.

Cibiya ta faɗi amma wurin bai bushe ba

Bayan faɗuwa ramin kan ɗan yi danshi na 'yan kwanaki sannan ya rufe. Idan mako ya wuce yana jiƙa riga, ki buɗe ramin da yatsu biyu ki leƙa. Sau da yawa za ki ga ɗan tsiron nama ja-ja, mai laushi da danshi, bai wuce ƙwayar wake ba, yana fitar da ruwa-ruwa mai ɗan rawaya. Likitoci suna kiransa giranuloma. Ba ya ciwo, fatar da ke kewaye lafiya lau, ɗan kuma yana cikin walwalarsa. Ba abin gudu da dare ba ne, amma a kai a gani cikin makon. Wani lokaci ana taɓa shi da wani tsinken magani a asibiti ya bushe. Wani lokaci kuma ma'aikaciya za ta koya miki sa ɗan gishirin girki kaɗan a kan tsiron kawai, a rufe da auduga na wasu mintoci, a wanke, sau biyu a rana na kamar kwana uku. Wannan gishirin na tsiron da aka tabbatar ne bayan cibiya ta faɗi. Ba a sa shi a ɗanyar cibiya, ba a kuma farawa kafin a duba.

Dalilin dubawar shi ne akwai abubuwan da ke kama da tsiron amma ba shi ba ne. Idan ruwan da ke fita garau ne, mai yawa, yana zarnin fitsari, yana ƙaruwa idan ɗan ya yi kuka, wataƙila hanyar da ta haɗa mafitsara da cibiya tun yana ciki ce ba ta rufe ba. Idan abin da ke fita kore ne ko kamar kashi, hanyar hanji ce. Tsiron da ya yi ja wur, mai ɗan tauri, wanda magani bai taɓa shi ba, shi ma na likitan tiyatar yara ne. Cibiyar da ta haura mako uku ba ta faɗi ba ita ma a nuna, kada a ja ta ko da da zare ɗaya take rataye.

Kumburi: ƙaton cibi

Wannan yakan bayyana ne bayan cibiya ta faɗi, cikin makonnin farko. A bangon ciki akwai ɗan zoben da cibiya ta bi ta fita. Idan bai gama rufewa ba, hanji ko kitsen ciki kan turo fata ta nan, musamman idan ɗan yana kuka, tari ko yunƙurin kashi. Ƙabar cibiya ke nan. Ta fi yawa a yaran Afirka da kuma bakwaini. Ba yadda aka yanke cibiya ne ya jawo ta ba, ba rashin gashi ba ne, ba kuma laifin ungozoma ba. Kuka yana fito da ita fili ne kawai.

Ki gwada ta lokacin da yake kwance shiru, bayan ya sha nono. Ki ɗora kan yatsa ki tura a hankali. Mai lafiya laushi gare ta, tana komawa ciki cikin sauƙi, wani lokaci da ɗan ƙarar ƙulu-ƙulu, ɗan kuma ko a jikinsa. Idan ta koma za ki ji bakin zoben a ƙarƙashin yatsanki. Faɗin wannan zoben shi ne abin lura, ba tsawon abin da ya turo ba. Cibi na iya tsayi har ya tsorata mutane alhali ramin ƙarami ne. Zoben da bai kai santimita ɗaya da rabi ba yawanci yana rufewa da kansa, da yawa kafin shekara biyu, mafi yawa kafin shekara huɗu zuwa biyar. Wanda ya fi haka faɗi bai cika rufewa ba. Idan yaro ya kai shekara huɗu ko biyar tana nan, likitan tiyata zai yi maganar ɗinke ramin, aiki ne ɗan gajere da akan sallami yaro ran da aka yi.

Ɗaura kwabo ko maɓalli da filasta, ko tamke ciki da ɗamara, ba ya rufe zoben, domin naman ciki ne ke haɗewa da kansa yayin da yaro ke girma. Abin da ɗaurin ke jawowa shi ne gumi, saɓulewar fata da ƙuraje, kuma yana ɓoye wurin da ya kamata a riƙa gani. Tsaga da sakiya kuwa haɗari ne ƙwarai, domin abin da ke bayan wannan siririyar fata hanji ne.

Ga bambancin da ya kamata ki riƙe. Kumburin cuta yana zuwa ne a kwanakin farko, fatar da ke zagaye ce ke tashi, da zafi da tauri, sau da yawa da mugunya, kuma ba ya canzawa ko ɗan na kuka ko yana barci. Kumburin ƙaba daga tsakiyar ramin yake fitowa, fatar kalarta ɗaya, babu ruwa, yana girma da kuka ya lafa da barci.

Lokacin da ƙaba ke zama haɗari shi ne idan hanji ya shiga zoben ya maƙale. Ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa. Kumburin da jiya yake komawa yau ya ƙi, ya yi tauri, ɗan yana ihu idan an taɓa, fatar ta yi duhu ko ja, ga kuka marar yankewa, ga amai, musamman kore, ciki ya kumbura, kashi da tusa sun tsaya. Kada ki matsa da ƙarfi don ki mayar, kada a gasa, kada a ɗura masa ruwan zafi ko jiƙo. A daina ba shi komai ta baki saboda wataƙila za a shiga tiyata, a nufi asibitin da ke da likitan tiyatar yara, kamar LUTH ko LASUTH. Hanjin da jini ya daina isa gare shi yana lalacewa cikin sa'o'i.

Sai abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Idan tun ran haihuwa gindin cibiya ya yi kauri fiye da kima, ko ana hango wani abu a cikin farar jaka, kada a ɗaure ko a yanke kusa da ciki. A ɗaure can nesa, a rufe da tsabtataccen abu, a tafi asibiti, domin hanji na iya kasancewa a ciki. Na biyu, jaririn da ke da ƙaton cibi tare da ciwon shawarar da ya wuce mako biyu, yawan barci, wahalar kashi, bushewar fata da harshe mai kauri, a roƙi likita ya yi masa gwajin jini na sinadarin maƙoshi da ake kira tayirod. Ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsa kuma ƙwaya ce ta kullum wadda amfaninta ya fi yawa idan an fara ta cikin makonnin farko. Ranar riga-kafin mako shida dama ce mai kyau ta nuna cibin, a auna faɗin zoben a rubuta a kati, don a samu abin gwadawa a zuwa na gaba.